Yadda mai kawo buhuna ya taya kamfanin shinkafa murnar cika shekara goma

A watan Nuwamban 2024 wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan garin Kano, ta hanyar Haɗeja, ya cika shekara goma da fara aiki. Cikin masu hulɗa da shi akwai wani dattijo da ke kawo masa buhuna tun daga farko, wanda nake duba masa littattafan lissafinsa. Zan riƙa ce masa Alhaji mai buhu, shi kuma wanda ya kafa kamfanin in ce masa shugaba. Alhaji ba shi da masana'anta. Yana karɓar oda ne daga kamfanonin shinkafa da na abincin kaji, ya kai wa masu saƙa buhun leda, ya tsaya a kan bugun tambari, sannan ya kawo kaya dila-dila. Biya kuwa sai bayan kwana talatin da sauke kaya, haka suka yi yarjejeniya tun asali.

Sana'ar buhu tana da wani abu da ya bambanta ta da sayar da dizal ko zare. Da zarar an buga sunan kamfani a jikin buhu, babu wanda zai saye shi duk duniya sai wannan kamfanin. In ya ƙi karɓa ko ya rushe, kayan sun zama asara. Saboda haka duk odar da Alhaji ya karɓa amana ce ya ɗauka da kuɗinsa, kuma shekara goma na irin wannan hulɗa ta sa ya san kamfanin ta wata fuskar da ma'aikatansa ma ba su sani ba. Littafinsa ya nuna shekarar da oda ta yi tashin gwauron zabo bayan an rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ya nuna lokacin da masu saye suka koma neman buhu mai kilo 25 da mai kilo 10 saboda mai kilo 50 ya fi ƙarfin aljihu, ya kuma nuna watannin 2024 da injin ya riƙa kwana a kashe don tsadar shanshera. Wannan sanin shi ne jarin da yake da shi wajen taya murna, kuma shi ne abin da zai iya ɓata al'amarin in aka yi amfani da shi ba bisa hankali ba.

Akwai kuma wata matsala a ƙasa. A lokacin Alhaji yana bin kamfanin kuɗin kaya biyu da ya sauke, kuma wa'adin duka biyun ya wuce.

Ɗan Alhaji, wanda ke kula da rubuce-rubucen shagon, shi ya fara tayar da maganar taya murnar tun watan Maris. Ya duba kundin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ya ga an yi wa kamfanin rajista a watan Maris na 2014, sai ya ce a yi maza a aika saƙo kafin watan ya fita. Alhaji ya ce a dakata. Shi abin da ya tuna, bai kai musu buhu ba sai da kaka, bayan an gama kafa injin. Ya ɗauko littafin 2014, rasit na farko kuwa na ƙarshen Oktoba ne. Da ya tambayi manajan saye-saye, sai aka ce masa su daga ranar da aka kunna injin suke ƙirga shekarunsu, kuma a Nuwamba za a yi saukar Alƙur'ani da ɗan ƙwarya-ƙwaryar walima ta ma'aikata, ba gagarumin biki ba. Wannan tambaya guda ta warware abubuwa da dama. Kamfani yana iya samun ranar rajista, da ranar aza harsashi, da ranar fara aiki, kuma wadda masu shi suka riƙe ita ce ranarsu. Da saƙon ya tafi a Maris, cikin azumi, wata takwas kafin lokaci, da ya nuna cewa mai aikowa a takarda ya gano ranar, alhali shi da ƙafarsa ya shiga wurin tun ana zuba siminti. Amsar manajan ta kuma nuna girman abin da ya dace. Mutanen da suka zaɓi addu'a da walimar cikin gida a shekarar da kasuwa ta yi musu nauyi ba sa neman a cika musu gari da shela.

Daga nan sai batun wanda za a rubuta wa. Mutum biyu ne suka kafa kamfanin. Ɗayansu ya rasu a 2020, kuma iyalinsa na da hannun jari har yanzu. Shugaba kansa ya ja baya, ɗansa ne ke gudanar da harkokin yau da kullum a matsayin manajan darakta, kuma shi ke sa hannu a takardar biyan kuɗi. Ɗan Alhaji ya so a rubuta wa manajan darakta, tunda a hannunsa wuƙa da nama suke. Alhaji ya ƙi. Ya ce, "Shekara goman nan ta ubansa ce. In na tsallake shi na rubuta wa yaro, shi yaron ma ba zai ji daɗi ba." Aka tsayar da cewa takardar za ta tafi da sunan shugaba, a ambaci manajan darakta da ma'aikata a cikinta, a kuma yi wa marigayin addu'a. Ina ganin ambaton marigayin nan ya fi komai nauyi a takardar, domin sababbin masu hulɗa da kamfanin ba su san shi ba, balle su tuna da shi.

Daftarin farko da ɗan Alhaji ya kawo da Turanci yake, kuma ba shi da aibu ta fuskar nahawu. Ya yabi kamfanin da hangen nesa da jajircewa, ya ce shinkafarsu ta fi kowace a Arewa, ya tuna musu cewa shagon Alhaji ya tsaya musu a lokutan tsanani, sannan ya rufe da fatan ƙarin oda da kuma fatan a duba ragowar kuɗin da ke ƙasa. Da aka karanta wa Alhaji, aka fassara masa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Wannan ai takardar bin bashi ce ta sa babbar riga."

Bin bashin shi ne kuskure mafi girma, kuma shi ne wanda masu kawo kaya suka fi faɗawa, domin dama ce da ba kullum ake samu ba a ce takardarka za ta isa hannun mai kamfani kai tsaye. Amma mai karatu, da ya iso layin kuɗi, zai koma ya sake fassara duk abin da ya gabata. Yabon ya zama share fage, addu'ar ta zama dabara. Ga kuma kunyatarwa, don irin wannan takarda sau da yawa a bainar jama'a ake karanta ta, ko a miƙa wa sakatare ya ajiye a fayil ɗin da kowa ke buɗewa. Ba ina nufin a yafe bashin ko a yi kamar babu shi ba. Haƙƙin Alhaji ne, kuma shi ma masu saƙa suna binsa. Abin da aka yi shi ne raba hanya. Tun farkon Oktoba, makonni kafin ranar, na aika wa ofishin akanta bayanin lissafi kamar yadda aka saba kowane wata, ɗauke da lambar rasit da ranar sauke kaya da abin da ya rage. Aka kuma yanke cewa daga nan ba za a sake tayar da maganar ba sai an yi mako biyu da gama walima. Bashin ya bi ƙofar akanta, gaisuwar ta bi ƙofar shugaba.

Layin da ke cewa sun tsaya wa kamfanin a lokacin tsanani gaskiya ne. A farkon 2023, da aka yi ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira, dillalai sun kasa biyan kamfanin, Alhaji kuwa ya ci gaba da kawo buhu har wata uku ba a ba shi ko sisi ba. To amma faɗin haka a ranar farin cikin mutum gori ne, komai taushin lafazin. Shugaba bai manta ba, kuma in yana son faɗa, shi ya kamata ya faɗa da bakinsa. Abin da ya dace da mai taya murna shi ne ya juya littafin, ya nemo inda kamfanin ya yi masa halacci. Ba a sha wahalar nema ba. A tsakiyar 2016, lokacin da Babban Banki ya saki naira ta faɗi daga wajen 197 zuwa kusan 280 a kan dala, kuɗin ledar da ake saƙa buhu da ita ya tashi, alhali Alhaji ya riga ya karɓi oda a tsohon farashi. Da an riƙe shi a kan alkawarinsa, da jarinsa ya karye. Shugaba ya kira shi ya ce a sake lissafi, aka raba asarar biyu. Wannan labari ba wanda zai iya bayar da shi sai Alhaji, kuma ya fi duk wata kalmar yabo bayyana halin kamfanin.

Cewa shinkafarsu ta fi kowace kuwa, Alhaji yana kai wa wasu kamfanonin casa buhu, kuma masu wannan sana'a a Kano sun san juna, suna haɗuwa a wajen sayen shanshera a Kura da Bunkure da Haɗeja, suna haɗuwa a ɗaurin aure. Maganar za ta zaga. Ban da haka ma, shi buhu yake sayarwa, ba shi da hurumin yanke hukunci a kan ingancin shinkafa. Abin da yake da shaida a kai shi ne mu'amala: cika alkawari, ƙirga kaya da gaskiya, da yadda ake karɓar direbobinsa a bakin sito. Aka kuma cire duk wani adadi na yawan buhunan da kamfanin ke saye, domin wanda ya san adadin buhu ya san yawan shinkafar da ake fitarwa, wannan kuwa sirrin abokin ciniki ne.

Aka sake rubutawa da Hausa, tunda da ita mutanen biyu suke ciniki shekara goma, a kan takardar shagon mai ɗauke da adireshi, shafi ɗaya tak. Bayan sallama da sunan shugaba, ga abin da ta ƙunsa:

"Ranka ya daɗe, a madadina da yarana da ma'aikatan shagonmu, ina taya ka murna, kai da manajan darakta da dukkan ma'aikata, bisa cikar wannan kamfani shekara goma da fara aiki. Na tuna ranar da na kawo muku buhun farko a ƙarshen Oktoban 2014, ana kan gwada injin, sito ko ƙofa ba a sa masa ba. Na kuma tuna 2016, lokacin da farashi ya juya mini baya bayan na ɗauki alkawari, ka kira ni da kanka ka ce ba za ka ci riba a kan karyewata ba. Ban manta ba, kuma na gaya wa 'ya'yana. A shekara goman nan ba a taɓa mayar mini da kaya bisa zalunci ba, ba a taɓa rage mini ƙirga ba. Ina shaida wannan a gaban kowa. Allah ya jiƙan abokin tafiyarka da kuka kafa wannan wuri tare, ya sa abin da ake ci a nan ya zame masa sadaka mai gudana. Allah ya ƙara albarka, ya tsare ku daga gobara da asara, ya raya zuri'a a kan wannan turba."

Alhaji ya sa hannu da biro da kansa. A lura, jimlar da ta ce ba a taɓa mayar da kaya bisa zalunci ba an auna ta. An taɓa mayar masa da kaya, a wata shekara da bugun tambarin ya fito a dushe, kuma da gaskiyarsu. Ba a kuma rubuta cewa kullum suna biya a kan lokaci ba, domin da an rubuta, shugaba da akanta za su san ƙarya ce, wataƙila ma su ɗauka habaici ne. A takardar da darajarta ita ce shaida, layi ɗaya na ƙarya ya isa ya zubar da sauran.

Maganar kyauta ta ɗauki lokaci fiye da yadda na zata. An kawo shawarar kai bijimi ko raguna, an kawo ta sayen shafi a jarida ko saƙon gaisuwa a gidan rediyo. Alhaji ya auna ta fuska biyu. Mutumin da ke kukan an riƙe masa kuɗi, in ya turo bijimi, ya rushe kukansa da hannunsa, kuma ya ɗora wa wanda ake bi nauyin da zai ji kamar ana ƙara ɗaure shi. Shelar jarida ko rediyo kuwa fito da sunan kamfanin mutum fili ne, ba a yin ta sai da izininsa, kuma rabinta talla ce ga mai bayarwa. An tambayi manajan darakta a fakaice, ya ce sun fi son a bar shi a cikin gida, aka bari.

Abin da aka kai ya fito ne daga cikin durowar shago. Masu buhu suna ajiye samfurin kowane bugu don gudun gardama a kan launi ko girman rubutu, kuma Alhaji yana da na farkon kamfanin: farin buhu mai kilo 50, bugun launi ɗaya kore, da tsohon tambari mai zangarniyar shinkafa wanda aka sauya daga baya, da lambar wayar da marigayin ke riƙewa a lokacin. Gefensa ya ɗan yi ja saboda daɗewa. Aka kai wa mai firam ya shimfiɗa shi a bayan gilashi, aka manna kwafin rasit na farko a ƙasa bayan an rufe wajen farashi. Kamfanin kansa ba shi da ko ɗaya, duk sun tafi kasuwa da shinkafa a ciki tun shekara goma. Ban da wannan, Alhaji ya nemi izinin manajan darakta ya ɗauki nauyin lemo da ruwan walimar ma'aikata, aka amince. Ya dage a kan kada a ba wani ma'aikaci ambulan shi kaɗai, musamman manajan saye-saye da mai kula da sito, waɗanda su ne ke karɓar kayansa suna sa hannu. Ko da niyyar ta alheri ce, kuɗi daga mai kawo kaya zuwa ga mai ƙirga kayansa suna da suna guda a idon mai kamfani, kuma ma'aikacin ne zai kwana a ciki.

Zumunci a ƙafa yake, don haka ba a aika direba ba. Alhaji ya nemi lokaci, aka ba shi hantsin ranar da ta gabaci walimar, lokacin da ofis bai cika ba. Ya tafi da ɗansa. Shugaba ya karanta takardar a zaune, ya cire tabarau, ya ce, "Alhaji, ashe kana tune da wannan?" Da aka jingina firam ɗin a bango, sai ya sa aka kira ɗansa, ya nuna masa lambar wayar da ke jikin buhun, ya tambaye shi ko ya gane ta. Manajan darakta ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya ce, "Baba, mun gode, Allah ya bar zumunci." Ba su wuce minti ashirin ba. A bakin ƙofa manajan daraktan ya fara cewa, "Baba, game da ragowar nan…" Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Ba ita ta kawo ni ba yau. Akanta na da takarda." Da ya tsaya ya saurara, da duk tsarin raba hanyar ya tashi a banza.

Abu ɗaya ya so ya kawo tangarɗa. Manajan saye-saye, wanda shi ya ba da labarin ranar tun farko, bai san Alhaji zai zo ba sai da ya gan shi yana fitowa daga ofishin shugaba. A kamfani, mai kawo kaya da ke bin kamfanin kuɗi ya shiga wurin mai gida ba da sanin wanda ke kula da shi ba, fassarar farko ita ce ƙara ya kai. Alamar ta fito bayan kwana biyu, da ɗan Alhaji ya kira shi a kan wata oda ya ji amsa a daƙile, ba wasan da aka saba. Alhaji ya kira shi da kansa, ya gode masa a kan bayanin da ya ba shi, ya kuma aika masa hoton takardar don ya ga babu sunansa ko maganar kuɗi a ciki. Nan take murya ta sauya. Kiran minti biyu kafin ziyarar da ya hana wannan, kuma duk wanda zai kai gaisuwa sama da wanda yake hulɗa da shi kullum ya kamata ya fara sanar da shi.

Ba zan ce takardar ce ta sa aka biya bashin ba, don ba a biya da wuri ba. Mako biyu bayan walima na sake aika bayanin lissafi kamar yadda aka tsara. Kuɗin kaya ɗaya ya shigo a Disamba, bayan sabuwar shanshera ta sauko injin ya koma aiki sosai, ɗayan kuma aka raba shi biyu zuwa Janairu. Abin da ya sauya shi ne manajan darakta ya kira Alhaji da kansa ya faɗa masa ranakun da za a biya, maimakon a bar shi yana zarya a ofishin akanta, kuma an cika ranakun. A odar da ta biyo baya Alhaji ya nemi a riƙa ba shi kashi ɗaya cikin uku kafin a fara bugu, saboda masu saƙa sun daina ba shi kaya bashi. An yi ciniki a kai kamar kowane ciniki, aka tsaya a kashi ɗaya cikin huɗu.